Waƙa a bakin mai ita: kurakuran ɗalibai a zaman karatun labarin fim

Ranar Asabar da ta wuce na halarci zaman karatun labarin wani ɗalibi, shafi goma sha huɗu, gajeren fim da zai ɗauka a matsayin aikinsa na kammala makaranta. Karatun ya ci minti 22. Surutun da ya biyo baya ya ci awa ɗaya da rabi, kuma fiye da rabinsa daga bakin marubucin ya fito. Da muka tashi na leƙa littafinsa, layi biyu kacal na gani a rubuce, ɗaya daga ciki ma lambar wayar yarinyar da ta karanta jaruma ce, don yana so ta fito a fim ɗin. Mutum tara suka bar harkokinsu suka zo dominsa, ya koma gida da abin da ya zo da shi. Na ga irin wannan har na gaji da gani, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake gayyata ta sai in fara tura masa.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, abin ba shi da wuya. Ana tara mutane a kewaye da teburi, ko a kan tabarma ma in babu teburin. Kowa a ba shi kwafin sikirif da mutumin da zai karanta a ciki, mutum ɗaya kuma ya ɗauki bayanan fitowa, wato inda aka rubuta wuri da lokaci da abin da ido zai gani. A karanta tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ba rihazal ba ne, ba kuma gwajin 'yan wasa ba. Ita ce rana ta farko da labarin zai fita daga kanka ya shiga kunnen da bai san shi ba, tun kafin ka biya kuɗin kyamara da lokeshan da abincin ma'aikata.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne bakin marubuci, kuma sau uku yake ɓarna a zama ɗaya.

Na farko tun kafin a buɗe shafi. Sai ka ji ya miƙe yana cewa, “Wannan labari ne a kan yadda talauci ke raba zumunci, jarumin nan da za ku gani mutum ne mai zurfin ciki...” Shi ke nan, ya gama da zaman. Duk wanda ke wurin yanzu ya san abin da ake so ya gani, kuma zai gan shi ko da babu shi a takarda. Na biyu, ya ce shi zai karanta jarumi, ko bayanan fitowa, don wai shi ya san yadda ake faɗinsu. Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne, amma daɗin nan shi ne cutar. Kai ka san inda za ka ja numfashi, ka san kalmar da za ka danna, sai muryarka ta toshe ramin da ke cikin rubutun. Ɗan wasan da zai karɓi takardar nan gaba ba shi da muryarka. Na uku, kuma mafi muni, shi ne idan an gama aka fara magana, duk wanda ya ce bai gane wani wuri ba sai ya tarbe shi da “A'a, ai abin da nake nufi...”

Wannan na ukun ya taɓa cin kuɗina, har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Ina ɗalibi na rubuta labari mai shafi goma sha takwas. Wani saurayi ya dawo daga neman kuɗi a Legas ya tarar an sayar da gonar gidansu. A fitowa ta biyu wata matashiya, Talatu, ta tarbe shi a zaure ta ba shi ruwa, suna magana a gajarce, ba wanda ya kama sunan wani. Talatu amaryar mahaifinsa ce, kuma kuɗin gonar ne aka yi auren nata da su. Duk nauyin labarin a kan wannan yake. Ni a kaina abin a fili yake: ba ta kiran sunansa saboda ɗan farin mijinta ne, shi kuma ba ya kallon idonta saboda matar uba ce. Da aka gama karatu, wata 'yar ajinmu mai shiru-shiru ta ɗaga hannu ta ce, “Wai ita Talatun nan, ƙanwarsa ce ko budurwarsa?”

Wallahi na yi kusan minti goma ina yi mata lacca. Na kawo al'adar alkunya, na kawo ɗan fari, na ce duk Bahaushen kirki zai gane. Ta ce, “To, na gane.” Ai dole ta gane, tun da na tsaya a kanta ina bayani. Wasu mutum biyu da na lura sun so magana suka haɗiye abarsu, don sun ga yadda ta kaya. Muka tafi ƙauye kwana uku muka ɗauki fim ɗin, da bashi da kuɗin wayata da na sayar. Ranar da aka haska shi a ɗaki cike da ɗalibai, Talatu na miƙa masa kwanon ruwa tana sunkuyar da kai, sai samarin baya suka ɗauki fito da shewa. Soyayya suka gani. Kunyarta ta zama yanga, kawar da kansa ya zama jan aji. Lokacin da gaskiya ta fito a minti na goma sha biyu, rabin ɗakin sun ɗauka saurayin ne ke son matar ubansa, labari ya koma wani abu da ban taɓa rubutawa ba. Ina zaune a layin gaba, babu halin in miƙe in yi wa mutum ɗari bayanin da na yi wa mutum ɗaya.

Gyaran da ake bukata layi ɗaya ne. Yaro ya leƙo zaure ya ce, “Yaya, amaryar Baba ta ce ga ruwa nan.” 'Yar ajinmun nan ta ba ni shi kyauta tun kafin in ci bashi, na mayar mata da abinta.

Tun daga lokacin, a duk zaman da nake jagoranta, marubuci ba ya karanta ko harafi. Ina zaunar da shi ɗan nesa da da'irar, inda zai ga fuskokin mutane, da kwafinsa da biro. Aikinsa alama: inda aka yi dariya, inda ya sa ran dariya ba a yi ba, inda harshen mai karatu ya sarƙe ya maimaita layi, inda wani ya zaro waya ko ya fara juya takarda don ya ga sauran shafi nawa. Waɗannan alamomin sau da yawa sun fi duk abin da za a faɗa daga baya gaskiya, don jiki ba ya kara. Idan aka zo magana kuma, abu uku na yarda ya furta: “Na gode”, “A wane shafi?”, da “Ƙara min bayani.” Ba ni na ƙirƙiro shirun marubuci ba. Ajin koyon rubutu na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda aka kafa a 1936, ya shahara da wannan ƙa'ida, kuma akwai masu sukarta cewa tana mai da marubuci kamar wanda ake tuhuma a kotu. Sukar tana da gaskiyarta, shi ya sa na bar masa ƙofar tambaya. Amma ƙofar bayani a rufe take. In ka ji maganar ta taso maka har maƙogwaro, rubuta ta a gefen takarda. Bayanin da kake ƙaiƙayin yi da baki, shi ne abin da ka manta ba ka sa a cikin labarin ba.

Kuma kada marubuci ya jagoranci zamansa da kansa. Ya samo wani, ko da abokinsa ne, wanda zai riƙe agogo, ya ba da dama, ya kuma iya ce masa “Malam, yi shiru” ba tare da an ɓata ba.

Yanzu bari in juyo kanku, ku masu sauraro, don ku ma kuna da naku laifin. Mun taso da kara, kuma kara abu ne mai kyau a gidan suna da gidan biki. A zaman karatu kuwa cuta ce. An gama karanta shafi ashirin, an tambaye ka me ka gani, ka gyara zama ka ce, “Masha Allah, ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.” Amin. To sai me? Da wace kalma a ciki zai gyara fitowa ta huɗu? Kai da ka yi hamma sau uku a shafi na tara, na gan ka, yanzu kuma kana sa albarka. In ka bar shi ya je ya kashe kuɗin iyayensa a kan shafin da ya sa ka hamma, ba mutunci ka yi masa ba. Sai kuma kishiyarka, wanda ya zo don a san ya iya: shi ba zai ce komai a kan shafin da ke gabansa ba, sai ya kawo sunayen daraktocin duniya guda biyar, ya ƙare da “ni da ni ne”. Ba kai ba ne. Je ka rubuta naka, mu zo mu zauna maka.

Abin da ke ƙara dagula wannan shi ne a bar babba ya fara magana. Idan malami ko wani tsohon hannu a harkar fim ya buɗe baki ya ce ƙarshen labarin ne matsala, an gama. Duk ɗalibin da zai biyo baya zai ce, “Kamar yadda Malam ya faɗa...” Ka tara mutum tara, ka tashi da ra'ayin mutum ɗaya. Ni kaina na yi wannan ɓarnar shekarun farko da na fara koyarwa, ina jin daɗi wai kowa ya yarda da ni.

Dabarar da nake yi yanzu ta ƙaramar takarda ce. Ana gama karatu, kafin kowa ya ce uffan, sai in raba rabin fallen takarda, in ba da minti biyar. Tambaya uku ake amsawa, ba a sa suna: faɗi labarin nan a jimla biyu kamar za ka ba ƙanenka, a wane shafi hankalinka ya tafi wani wuri, me ba ka gane ba. Ta farkon ita ce mai yankan shakku. In mutum tara suka rubuta labari iri huɗu, ba sai an yi gardama ba. Da an yi min wannan a zamanin Talatu, da na ga “budurwarsa” a rubuce sau biyar da hannu daban-daban, kuma takarda ba a yi mata lacca. Bayan an tattara sai a buɗe baki, a fara daga mafi ƙanƙanta a ɗakin, malami ya zo a ƙarshe, in ma akwai sauran abin faɗa.

Wajen tsarin maganar ina aron wani abu daga Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye a Amurka da ta fito da hanyar karɓar ra'ayi mai mataki huɗu a wajajen 1990. A tsarinta masu kallo kan fara faɗin abin da ya taɓa su, sai mai aikin ya yi nasa tambayoyin, sai su yi masa tambayoyin da babu hukunci a cikinsu, sannan a ƙarshe mai ra'ayi ya nemi izini kafin ya faɗa. Ba na bin duka huɗun yadda take yi, ɗalibanmu kan mai da neman izinin nan wasa. Amma na riƙe biyu. Ana farawa da abin da ya tsaya wa mutum a rai, kuma sai ya kama shafi da layi, ban da “ya yi kyau”. Wannan ba lallashi ba ne, marubuci na bukatar sanin abin da ba zai taɓa ba idan ya zo gyara. Sannan marubuci ya zo da tambayoyinsa biyu ko uku a rubuce tun daga gida. Kada ya tambayi “Ya kuka ga labarin?” Ya tambayi irin “A wane lokaci kuka fara zargin mahaifin?”

Kuskure babba na biyu kishiyar na farko ne, kuma ɗalibai masu ladabi ya fi kamawa. Shi ne ka karɓi duk maganin da aka rubuta maka ka shanye. Mai sauraro kusan kullum yana da gaskiya idan ya ce nan ne ya ji ciwo. Idan ya fara faɗin yadda za a warkar, nan fa sai ka yi hattara.

Wata ɗaliba ta kawo mana labari mai shafi goma sha biyu a bara. Yarinya ce mahaifiyarta ta rasu ta bar mata keken ɗinki, mahaifin ya sayar da shi a ɓoye ya biya wa ƙanenta kuɗin makaranta. A shafi na tara take buɗe ɗakin ajiya ta ga babu keken, ta tunkari uban. Nan ne ƙololuwar fim ɗin. A takardun da aka tattara, mutum biyar cikin takwas sun rubuta cewa a shafi na takwas ko na tara hankalinsu ya tafi. Da aka zo magana kowa da maganinsa. Wani ya ce a sa waƙa a wurin don ta motsa zuciya. Wata ta ce uban ya mare ta. Wani ya ce a taƙaita fitowar zuwa rabin shafi. Wani ma cewa ya yi a kashe uban a ƙarshe. Baiwar Allah ta rubuta duka, ta koma gida, bayan mako ɗaya ta dawo da shafi goma sha tara: ga waƙa, ga mari, ga gawa. Labarin ya zama na mutum huɗu, kuma shafi na tara yana nan da sanyinsa, sai dai yanzu ya koma na sha uku.

Muka ajiye sabon, muka ɗauko tsohon, na ce ta manta da magungunan ta dubi wurin kawai. Me ya sa mutum biyar suka saki labari a daidai inda ya kamata su riƙe numfashi? Muka koma baya shafi-shafi. A shafi na uku akwai fitowar da uban ke ciniki da wani tela a kasuwa, ana faɗin farashi, har da dalilin sayarwar, duka a baki. Wato mai kallo ya san komai tun minti na uku, ya san an sayar, ya san don me, har ya riga ya yafe wa uban. Shafi shida yana jiran yarinya ta gano abin da shi ya daɗe da sani, kuma babu wani abu a tsakani da ke sa shi fargabar ranar da za ta gano. Ciwon a shafi na tara ya bayyana, amma a na uku aka kamu. Ta cire fitowar kasuwa gaba ɗaya, ta bar abu ɗaya tak: ƙanen ya shigo da sabon rasit na makaranta, uban ya karɓe da sauri ya cusa a aljihu. Labarin ya dawo shafi goma sha ɗaya. A zama na biyu, da aka kai buɗe ɗakin ajiya, mai karanta bayanan fitowa da kansa ya sassauta murya, ba wanda ya taɓa waya.

Saboda haka idan na karɓi shawara ina raba shafin littafina gida biyu. Hagu: me ya faru da mai sauraro, a wane shafi. Dama: me ya ce a yi. Hagun nake ƙirgawa. Mutum ɗaya ya koka da wuri, ina dubawa. Mutum uku suka koka da wuri ɗaya, ko da dalilansu sun saɓa, to akwai abu a wurin ko kafin wurin. Daman kuwa ina karantawa ne kamar tallar magani a tasha, wani lokaci a dace. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin rai. A buga takarda, a sa lambar shafi da lambar fitowa, don karatu daga waya na nufin saƙo zai shigo a tsakiyar kukan jaruma, kuma ba mai iya ce maka “shafi na bakwai”. Kada mutum ɗaya ya riƙe mutum biyu da ke magana da juna a fitowa guda. Mai karanta bayanan fitowa ya zama wanda ya fi kowa iya karatu a ɗakin, don shi ne ke riƙe da saurin labarin, ba wanda ya rasa rawar takawa ba. Kada a tsaya gyaran kuskure a tsakiyar karatu, a yi alama a wuce. Kada ka cika ɗakin da abokanka da suka riga suka ji labarin a bakinka sau goma a wurin mai shayi, ka nemo aƙalla mutum biyu da ba su san komai a kai ba. A duba lokacin salla kafin a sa lokaci: zaman da aka fara saura minti ashirin a kira la'asar ya rabu biyu, rabin mutanen kuma ba za su dawo ba.

Rubutun Hausar kansa ma yana jawo shawarar banza. In ba ka sa ƙugiya a haruffa ba, mai karatu zai ci karo da “karya” ya rasa ƙarya kake nufi ko dabba, ya ga “bata” ya tsaya tunanin ɓata ce ko “ba ta”. Zai yi tuntuɓe, ɗaki ya yi dariya a inda ba na dariya ba, kai kuma ka rubuta cewa layin ne ba shi da kyau alhali madannin wayarka ne.

Agogo kuma a riƙe shi fitowa-fitowa. Ƙiyasin da aka saba shi ne shafi ɗaya minti ɗaya, in an buga da salon haruffa na Courier mai girman lamba 12 a tsarin sikirif na ƙa'ida. Karatu a teburi ba ya bin wannan daidai, don ana karanta bayanan da a fim ido ne zai ɗauke su cikin daƙiƙa, amma yana nuna inda aka yi kumburi. A labarin ranar Asabar, fitowa uku ne suka cinye kusan rabin minti 22 ɗin, kuma duka ukun da sallama suka fara: an wuni lafiya, ya gida, ya yara, ya gajiya, madalla. A rayuwa dole ne. A fim, in gaisuwar ba ta ɗauke da wani abu, misali ɗaya ya ƙi amsawa ko ya amsa a daƙile, shiga fitowar bayan an gama ta.

Idan an watse, kada ka buɗe kwamfuta a daren. Ranka a ɓace yake ko kanka a kumbure, duka biyun ba sa gyara. Ni kwana uku nake bari, sannan in baje ƙananan takardun nan a ƙasa in karanta su kafin in karanta abin da na rubuta da hannuna.

Yaron ranar Asabar ya kira ni shekaranjiya, ya ce yana so a sake zama, kuma wannan karon zai yi shiru. Sai ya ɗan yi jim ya ce, “Amma Malam, ko 'yar gabatarwa ta minti biyu ba zan yi ba? Don su fahimci inda na dosa.” Na ce zai faɗi sunan labarin da yawan shafinsa, sannan ya koma kujerar da zan ajiye masa a bakin taga. Mun sa Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, ya kuma yi alkawarin kawo mutum biyu daga wani sashen da ba su taɓa jin labarin ba.